Yadda ake gano mafi ƙarancin gudun da zai hana ruwa zuba daga bokiti a saman da'ira

Duk shekara idan na zo wannan babi da 'yan aji biyu na babbar sakandare, sai na fitar da su fili da bokitin roba da ruwa. Ina wulwula bokitin daga ƙasa zuwa sama, ya kife a saman kaina, ruwa bai ɗigo ba. Yara su yi shewa, mu koma aji, in ce a lissafa mini gudun da ake buƙata, sai fiye da rabinsu su faɗi. Kuma kusan dukkansu a wuri ɗaya suke faɗuwa, wato wajen zana ƙarfin da ke kan ruwan a lokacin da bokitin yake can ƙololuwa. A kan wannan matakin zan fi tsayawa.

Tanadi ƙaramin bokitin roba mai ƙwaƙƙwaran mariƙi, da tef ɗin tela, da waya mai agogon ƙirga daƙiƙa. Ban yarda da bokitin ƙarfe ba, haka ma babban bokitin wanki. Ruwa lita 2 ya isa. Idan ba ka da abin awo, fasa ledar fiya wata huɗu, kowace rabin lita ce, kuma lita ɗaya ta ruwa kilogiram ɗaya ce. Ba sai ka sayi komai ba, wanda na fi amfani da shi tsohon bokitin fenti ne da aka wanke.

Fara da auna r, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar da'irar da ruwan. Tsakiyar da'irar kafaɗarka ce. Yara da yawa tsawon hannu kaɗai suke aunawa, su manta bokitin ya ƙara nisa. Riƙe bokitin hannu a miƙe, wani ya auna daga gaɓar kafaɗa zuwa saman ruwan da ke ciki. Ni a saman ruwan nake tsayar da tef, ba a gindin bokiti ba, domin ruwan sama shi ya fi kusa da kafaɗa, da'irarsa ta fi ƙanƙanta, tafiyarsa ta fi ta ruwan gindi sanyi, kuma shi zai fara ɓallewa. A ce hannun ya ba da santimita 60, daga dunƙulen hannu zuwa saman ruwa kuma 30. Ka samu 90 ke nan. Mayar da shi mita nan take, ka rubuta 0.9. Wanda ya bar 90 a cikin lissafi zai samu amsar da ta kusa mita 30 a daƙiƙa, gudun mota a kan babban titi, kuma na sha ganin ɗalibi ya ja layi biyu a ƙarƙashin irin wannan amsa hankalinsa kwance.

Yanzu zanen. Zana bokitin a kife a ƙololuwar da'ira, bakinsa na kallon ƙasa, gindinsa na kallon sama. Ka manta da bokitin da hannunka, ruwan kaɗai za ka tambaya: me ke jansa, me ke tura shi? Abu biyu ne kawai. Na farko nauyinsa, mg, wato yawan kilogiram ɗinsa m sau jan ƙasa g, wanda kullum ƙasa yake nufa. Na biyu turin da gindin bokitin ke yi masa, wanda muke rubutawa da N. A nan ne ake tuntuɓe. Yaro ya saba da littafi a kan tebur, inda N ke kallon sama, sai hannunsa ya zana kibiyar N tana kallon sama ba tare da ya yi tunani ba. Amma dubi inda gindin bokitin yake, yana saman ruwan ne. Abin da ke samanka ba zai iya tura ka sama ba, kuma gindin bokiti ba shi da ƙugiyar da zai ja ruwa da ita. Turi kaɗai ya iya, turin kuma ƙasa zai nufa. Saboda haka kibiyoyin biyu duka ƙasa suke kallo, wajen kafaɗarka, wato tsakiyar da'ira.

Daga nan sai wani ya ɗaga hannu ya ce, Malam, idan duk ƙasa suke turawa, me ya riƙe ruwan? Sai ya ƙara kibiya ta uku mai kallon sama ya sa mata suna santirifugal. Goge ta. Ga mutumin da ke tsaye a fili yana kallo, babu abin da ke tura ruwan sama. Kuma kada a zana mv²/r, inda v ke nufin gudun ruwan, a matsayin wani ƙarfi na dabam. Shi adadin ƙarfin da ake bukata ne domin a lanƙwasa tafiyar ruwan ta bi da'ira, nauyi da turin bokiti su ne ke haɗuwa su biya wannan bukata.

Gaskiyar magana, ruwan yana faɗowa. Abin da ya hana shi fita shi ne bokitin ma yana saukowa, kuma saukowarsa ba ta gaza ta ruwan ba. Na daɗe ina faɗar wannan da baki ba ya shiga, sai da na fara sa musu lambobi. Ɗauki kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan bokitin ya wuce ƙololuwa. A wannan ɗan lokaci, duk abin da aka saki zai faɗi kimanin santimita 5. Idan ana tafiya da mita 2 a daƙiƙa, an matsa gaba santimita 20, kuma lanƙwasar da'ira mai r na mita 0.9 ta sauko da bokitin santimita 2 da ɗan ɗori kawai. Ruwa ya sauko 5, bokiti ya sauko 2, to ruwan ya bar bokitin a baya, ya nufo kanka. Idan gudun mita 4 ne, an matsa gaba santimita 40, bokitin ya sauko kusan 9. Ruwan da kansa 5 zai faɗi, sai gindin bokitin ya cim masa ya danna shi ƙasa, ya manne ke nan. A mita 3 kuwa, bokiti ya sauko 5, ruwa ya sauko 5, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu mai tura wani. Wannan ita ce iyakar da muke nema.

Idan zanen ya yi daidai, lissafin layi uku ne. A daidai iyaka gindin bokitin ba ya tura ruwan ko kaɗan, don haka N sifili ne:

```
mg + N = mv²/r
N = 0  →  mg = mv²/r
v = √(gr)
```

Sa lambobinmu, g na 9.8 da r na 0.9. Ninkinsu 8.82 ne, saiwarsa kuma 2.97, wato kusan mita 3 a daƙiƙa, daidai da abin da muka gani a sama. Tambayoyin jarrabawa sukan ce a ɗauki g a matsayin 10, a nan amsar za ta fito 3 cif. Bi abin da takardar ta ce.

Lura cewa m ya soke kansa. Ko kofi ɗaya ka zuba ko lita 5, gudun da ake bukata ɗaya ne matuƙar nisan bai canja ba. Idan tambaya ta ba ka nauyin ruwan alhali gudu kaɗai take nema, tarko ne. Inda nauyin ke da amfani shi ne idan aka tambayi ƙarfin da ruwan ke danna gindin bokiti da shi. Ruwa kilogiram 2 a gudun mita 4: mv²/r ya zama 2 sau 16 a raba da 0.9, wato niwuton 35.6. Cire nauyin ruwan, 19.6, saura niwuton 16. Shi ne N. Gwada haka da gudun mita 2, za ka samu 8.9 a cire 19.6, amsa ta faɗa ƙasa da sifili. N ba ya zama haka a zahiri, ma'anarsa ruwan ya riga ya zube. Da wannan nake duba aikina, kuma ina so kowane ɗalibi ya saba da shi.

Sai a fita fili. Ba za ka iya auna mita 3 a daƙiƙa da ido ba, amma kana iya ƙirga zagaye. Kewayen da'irarmu 2πr ne, mita 5.65. Raba shi da 2.97, kowane zagaye daƙiƙa 1.9 ke nan, zagaye goma daƙiƙa 19. Kada ka dogara da 19 ɗin nan. Ta ɗauka cewa gudu ɗaya ake yi ko'ina, alhali bokitin yana rage sauri idan yana hawa, ya fi sanyi a ƙololuwa, daidai inda ake bukatar saurin. Ƙa'idata ita ce zagaye goma cikin daƙiƙa 12 ko ƙasa da haka.

Kada ka ɗaga bokitin daga tsaye ka ce za ka zagaya kai tsaye. Yi lilo da shi gaba da baya sau uku ko huɗu, kana ƙara faɗin lilon, amma kada ya wuce tsayin kafaɗa. Sannan ka fizge shi gaba ɗaya ya haye. Wanda ya tsorata ya lanƙwasa gwiwar hannu ko ya yi jinkiri a sama shi ke jiƙewa. Hannunka zai gaya maka idan ka kusa iyaka: a ƙololuwa za ka ji bokitin ya yi sakayau kamar babu komai a ciki, mariƙin ya saki jan da yake yi wa yatsunka. Idan ka ji haka, ƙara sauri a zagaye na gaba.

Wasu sun fi son ɗaura igiya. Ni ba na ba masu koyo. Da igiya, domin bokitin ya isa sama da √(gr), sai ya taso daga ƙasa da √(5gr), wato mita 6.6 a daƙiƙa a namu misalin, kuma jan da ke kan igiyar a ƙasa ya ninka nauyin kayan sau shida. Ruwa kilogiram 2 zai ja kamar 12, a nan ne mariƙin bokitin roba ke tsinkewa. A tabbata babu kowa a gaba ko bayan mai wulwulawa, 'yan kallo su tsaya a gefe.

Wajen tsayawa, bari bokitin ya wuce ƙololuwa da cikakken gudunsa, ka fara rage ƙarfi yana saukowa, ka bar shi ya yi lilo gaba, ya dawo baya, har ya lafa da kansa.