Babi na Tara: Wasiƙa Zuwa ga Mai Kaya Idan An Dakatar da Talla

Darasi na 1: Abin da ya faru

Wannan babi na waɗanda ake ba kuɗi su ɗora tallar kaya a Facebook da Instagram ne. Karanta a hankali, ba sauri muke yi ba. Duk lambobin da za ka gani na misali ne.

Wata Hajiya a unguwar Mabera a Sakkwato tana sayar da turaren wuta da humra. Ta ba ka naira 60,000 ka yi mata talla na mako biyu. Ka buɗe Ads Manager, a ƙarƙashin Amount spent ka ga kuɗin da aka kashe. Mutum 40 sun biyo ta tallar zuwa WhatsApp sun sayi kaya, kowa na naira 7,500, ciniki ya kama naira 300,000. Ke nan kowace naira ɗaya ta jawo cinikin naira biyar. Hajiya har ta yi maka waya tana sa albarka.

Amma su wa suka saya? Allon waya ba zai gaya maka ba. Facebook yana kai talla ne ga wanda yake ganin zai fi saurin amsawa, kuma ba wanda ya fi tsohon mai saye saurin amsawa, domin ya san ƙamshin, ya san Hajiya. Sai abin ya zama kamar an biya sanƙira ya tsaya a tsakar gida yana kiran mutanen gidan.

Darasi na 2: Ƙirga sababbi

Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Karɓi littafin cinikin Hajiya, wanda take rubuta suna da lambar waya. Ɗauki takarda, ja layi a tsakiya daga sama zuwa ƙasa. A dama rubuta "tsoho", a hagu rubuta "sabo". Tsoho shi ne wanda ya taɓa saye ko sau ɗaya kafin ranar da aka fara talla. Sabo shi ne wanda bai taɓa saye ba.

Ɗauki lambar mutum na farko, ka neme ta a littafin. In ka same ta, yi ɗan zane a dama. In babu, yi a hagu. Lamba za ka bi, ba suna ba, domin Maman Aisha tana da yawa a Sakkwato. Kuma ka lura: lambar da ta fara da 0803 da wadda ta fara da +234803 suna iya zama ta mutum ɗaya. Rufe farkon da yatsa, ka duba lambobi goma na ƙarshe. Kana gamawa ka koma ka sake. In idonka ya gaji, ka sha ruwa ka dawo, kowa haka ya fara.

A misalinmu an samu tsofaffi 32, sababbi 8. Haɗa su, 32 da 8, 40 ne. In naka bai cika 40 ba ka tsallake wani.

Yanzu raba kuɗin talla da sababbi. Naira 60,000 a raba gida 8, ya ba da 7,500. Kowane sabon mai saye ya ci wa Hajiya naira 7,500, alhali ribarta a ciniki ɗaya naira 2,500 ce.

Da 8 aka raba, ba da 40 ba. In ka raba da 40 za ka samu 1,500, ka yi murna, ka yaudari kanka, ka yaudari baiwar Allah. Faɗi da bakinka: da sababbi ake rabawa. Rubuta shi a saman takardarka. Duk aji sai an samu wanda zai gyaɗa kai ya ce ya gane, gobe ya zo da 1,500. Haba jama'a! Da sababbi ake rabawa.

Saura abu ɗaya, don kada mu zalunci tallar. Wataƙila ita ta tuna wa wasu tsofaffin. Buɗe littafin baya, ka nemi wasu makonni biyu da ba a yi talla ba, ka ƙirga tsofaffin da suka saya. Kada ka zaɓi gab da Sallah ko lokacin da bukukuwa suka yi yawa, domin turare yana tafiya da kansa a lokacin. A misalinmu 30 suka saya ba talla. To tallar ta ƙara tsofaffi 2 ne kawai. Sababbi 8 da tsofaffi 2, mutum 10, ribarsu naira 25,000. An kashe 60,000.

Darasi na 3: Wasiƙar

Bayan gaisuwa, maganar dakatarwa ce ta farko. Kada ka ɓoye ta a ƙasa. Ga yadda za ta kasance:

Assalamu alaikum, Hajiya.

Ranki ya daɗe, da fatan kina lafiya, da iyali da kasuwa.

Na rubuto ne in sanar da ke cewa na dakatar da tallar turare daga yau. Ban goge ta ba, kuma ba za ta ƙara cin ko sisi ba muddin ba a kunna ta ba.

Gaskiya ne an yi ciniki. An kashe naira 60,000, mutum 40 sun sayi kayan naira 300,000. Sai dai da na gwada lambobinsu da littafinki, na ga 32 mutanenki ne na da, 8 ne kawai sababbi. Ke nan kowane sabo ya ci naira 7,500, ribar ciniki ɗaya kuwa 2,500 ce. Littafin ya kuma nuna ko ba talla, tsofaffi 30 sukan saya a mako biyu. Abin da tallar ta ƙaro mutum 10 ne, ribarsu naira 25,000.

Shawarata, in kin amince, mu cire tsofaffin daga masu ganin tallar, mu gwada da naira 20,000 na mako ɗaya, sannan mu sake ƙirgawa. Tsofaffin kuwa a riƙa nuna musu kaya ta WhatsApp, wanda ba a biya. Ba zan kunna ba sai na ji daga gare ki.

Na gode, Allah ya ƙara buɗi.

Sai ka sa sunanka da kwanan wata.

Koma ka sa yatsa a kan 32 da 8 a cikin wasiƙar. In babu su, Hajiya za ta ce ciniki yana tafiya ka kashe mata kasuwa, kuma tana da hujja. Ka kuma duba 7,500 ɗin. Da me aka raba? Da sababbi. In na sake ganin wasiƙar da aka cika da gaisuwa layi goma babu lamba ko ɗaya, mai ita zai sake rubutawa.

Darasi na 4: Dakatarwa

A Ads Manager akwai ɗan maɓalli kusa da sunan tallar. Taɓa shi ya koma Off. Kada ka taɓa Delete.

Darasi na 5: Cire tsofaffi

Sai da izinin Hajiya, domin lambobin mutanenta amana ce. A sa lambobin a Custom Audience, wato jerin mutanen da kai ka ba Facebook, kowace da 234 a farko a madadin 0, a zaɓi Exclude don kada su ga tallar. Ba duka Facebook zai gane ba, don haka ƙirgar hannu tana nan.

Aikin gida

An kashe naira 45,000. Mutum 30 sun saya, 25 tsofaffi. Nawa sabo ɗaya ya ci? Rubuta wasiƙar, ka zo da ita ranar Asabar.