Tur da piyon: inda ake ɓarar da wasan da aka riga aka ci

Masu buga eshek a nan Maradi, a waya ne ko a fada bayan isha'i, da yawa suna kai piyon jere na 7 amma wasa ya tashi kunnen doki. Jera wannan a allo: farin sarki a b8, piyon a b7, tur a c1. Baƙin sarki a d8, tur ɗinshi a a2. Matsayin Lucena ke nan, fari ke ci, saidai sarkinshi ya tsaya gaban piyon ya toshe hanya.

Farkon kuskure shi ne mantawa da sarkin abokin wasa. Muddin yana d8 ko d7 ba ka iya fita ta c7, ta layin a kuma tur na gadi. To kore shi tukuna, tur ta je d1 ta ba shi eshek, wato barazana ga sarki, ana rubuta shi Rd1+, ya koma e7. Yanzu tur ɗinka ta datse layin d, kada ka ɗauke ta don kawai ka ji daɗin cewa eshek, wannan ɗabi'ar ita ke buɗe mashi ƙofa.

Na biyu gaggawa, kuma ita ta fi yawa. Mutum ya fito da sarki nan take, sai eshek ta baya, ya yi gaba eshek, ya dawo eshek, babu maɓoya sai b8 inda ya fito, in matsayi guda ya maimaitu sau 3 kuwa shikenan an raba. Maganin shi ne tur ta hau jere na 4 kafin sarki ya motsa. K sarki ne, R tur:

```
1. Rd1+ Ke7  2. Rd4 Ra1
3. Kc7 Rc1+  4. Kb6 Rb1+
5. Kc6 Rc1+  6. Kb5 Rb1+
7. Rb4
```

Gadar ke nan, tur ta shiga tsakani, eshek ya ƙare. In ya ci tur ka ci tashi da sarki, nashi sarkin yana e7, ko ya matso d7 piyon ya riga ya zama sarauniya.

Me ya sa ba jere na 5 ba? A d5 baƙin sarki na zuwa e6 ya kore ta, ka ɓata lokaci a banza.

A kula sosai da taku na 5. Tur ɗinshi na b1 tana kallon piyon, in ka sauka c5 maimakon c6 ya cinye b7 kyauta, wallahi abin haushi. Ba ka rabuwa da piyon sai lokacin da ya ba ka eshek daga c1. In kuma ya ƙi bada eshek ya tsaya jira da Rb2, sai ka yi Rd5 sannan Rb5.

Piyon na gefe, layin a ko h, gada ba ta mashi aiki haka, ƙofa ɗaya ce sarki ke da ita. In piyon na a7 sarkinka na a8, sai ka datse nashi sarkin can layin f kafin ka ci, in yana e7 kunnen doki ne.