Yadda ake rubuta wa ofishin lafiya na ƙaramar hukuma wasiƙar neman ƙarin yara a binciken rigakafi

Darakta ba ya sakin kuɗin mai da alawus don kawai ka ce yaran sun yi kaɗan. Dole wasiƙarka ta nuna masa shawarar da za ta gagare shi yankewa idan aka tsaya a ƙaramin adadi.

Bayan gaisuwa, faɗi buƙatarka kai tsaye: an tsara a duba yara 210, kana roƙon a kai su kusan 850. Wannan 210 daga tsohon tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fito, rukuni 30, wato unguwanni ko ƙauyukan da aka zaɓa, yara 7 a kowanne, masu wata 12 zuwa 23. An gina shi ne a kan kuskuren da zai iya kai maki 10 cikin ɗari sama ko ƙasa.

Daga nan sai misali, kuma nan ne ƙarfin wasiƙar yake. Rubuta masa haka: "Ranka ya daɗe, a ce bincike ya nuna kashi 74 cikin ɗari na yaranmu sun samu allurar rigakafin Fenta ta uku. Da yara 210, gaskiyar tana iya kasancewa ko'ina tsakanin 66 da 82. Burinmu 80 ne, don haka ba za mu iya cewa mun kai ko mun gaza ba. Da adadin da nake roƙo, tazarar za ta koma kamar 70 zuwa 78, mu san a fili cewa da sauran aiki."

Sannan ka nuna lissafin a taƙaice:

```
n = 1.96² × p(1−p) / d²
```

A nan n shi ne adadin yara, p kason da ake zaton sun samu rigakafi, d kuma kuskuren da aka yarda da shi. Idan p rabi ne, wato 0.5, d kuma maki 5, wato 0.05, za ka samu 384. Ninka shi biyu, 768 ke nan, saboda yaran unguwa ɗaya suna kama da juna: asibitinsu ɗaya, kuma idan mai unguwa ya karɓi rigakafi yawanci kowa ya bi. Ka ƙiyasta cewa gida ɗaya cikin goma za a tarar an tafi gona ko an ƙi amsawa, adadin ya zama 853. Ka faɗa masa dalilin tsallen: rage kuskure da rabi yana cin yara ninki huɗu.

Wani zai ce a ƙara yara cikin rukunan nan 30 don a rage zirga-zirga. Ka tare wannan tun a wasiƙar. Yaro na ashirin a unguwa ɗaya kusan labarin na farko yake maimaitawa, amma sabon rukuni na iya faɗawa rugar da ba a taɓa kaiwa ba. Nemi rukuni 122 masu yara 7.

Ƙarshe, jera ƙarin kwanakin aiki, masu bincike da man babur da kuɗinsu, ka sa ranar da kake buƙatar amsa, ka aika kwafi ga jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma.