Yadda ake ƙirga hanyoyin kafa kwamiti idan an gindaya sharaɗi

Kafin a fara lissafi, a duba ko kujerun kwamitin suna da muƙamai. Idan mutum huɗu kawai za a ɗiba daga cikin goma, ba shugaba ba sakatare, to wanda aka fara kira da na ƙarshe duk ɗaya ne, kuma hanyoyin su ne C(10,4) = 210. A ajiye wannan adadi a gefen takarda, domin muddin kujerun ba su da muƙamai, babu amsar da za ta wuce shi.

Ƙa'idata ita ce a sallami sharaɗi tukuna, sannan a ƙirga abin da ya rage. Idan dole ne wani dattijo ya shiga, a zaunar da shi, saura kujera uku da mutum tara, wato C(9,3) = 84. Idan kuwa hana shi aka yi, mutane sun koma tara amma kujeru suna nan huɗu, wato C(9,4) = 126. Haɗa 84 da 126 yana ba da 210, kuma wannan gwaji ba ya cin lokaci.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne kalmar "aƙalla". A ce cikin goman akwai maza shida da mata huɗu, ana son aƙalla mace ɗaya. Sau da yawa na ga ɗalibi ya zaɓi mace ɗaya cikin huɗun, ya cike kujera uku daga mutum taran da suka rage, ya sami 4 × 84 = 336, bai lura ya zarce 210 ba. Dalilin kuskuren shi ne maimaici: kwamitin da ya ƙunshi Binta da Hauwa da maza biyu an ƙirga shi lokacin da aka fara zaunar da Binta, aka sake ƙirga shi lokacin da aka fara da Hauwa, alhali kwamiti ɗaya ne. Mai mata uku kuwa sau uku ya shiga lissafin. Maganin shi ne a ƙirga abin da ba a so a cire shi. Kwamitin maza zalla C(6,4) = 15 ne, don haka amsar ita ce 210 − 15 = 195. Ana iya bin mace ɗaya, biyu, uku, huɗu daki-daki a tara, amma a zauren jarrabawa ɓata lokaci ne.

Haka ake yi wa mutum biyu da ba sa zama inuwa ɗaya: a zaunar da su tare, a sami C(8,2) = 28, a cire daga 210, saura 182.

Idan kujerun huɗu duk suna da muƙamai daban-daban, a gama zaɓen sannan a ninka da 4! = 24, sai na dattijon ya zama 84 × 24 = 2016. Amma idan shugabanci aka ware masa, kujera uku kaɗai ake rabawa, wato 9 × 8 × 7 = 504.