Darasi na Shida: Me Ya Rushe Daular Turkawa?

Idan katanga ta faɗi da damina, maigida zai ce ruwan sama ne, magini kuma ya ce ai gara ta daɗe da cinye gindinta. Masana tarihi ma haka suke jayayya kan Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda ta ƙare bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kada suna ya rikita ku, ba ta Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ake nufi ba. Wannan fadarta a Istanbul take, ta kuma shafe shekara fiye da 600.

Garar da ke ciki

Tun kafin yaƙi bashi ya yi wa daular katutu. A 1875 ta kasa biyan masu binta na Turai. A 1881 aka kafa hukumar da ke karɓar harajin gishiri da na taba ta miƙa musu kai tsaye. Ƙabilun yankin Balkan kuma kowace na neman ƙasarta, har a yaƙin 1912 zuwa 1913 daular ta rasa kusan duk abin da ya rage mata a Turai.

Ruwan da ya zo daga waje

A ƙarshen 1914 ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus. Ba ta faɗi nan take ba. Ta tare Ingila da Faransa a Gallipoli a 1915, ta kuma tilasta wa rundunar Ingila miƙa wuya a Kut da ke Iraƙi a 1916. Amma Bagadaza ta faɗi a Maris 1917, Ƙudus a Disambar shekarar, Dimashƙa a Oktoba 1918. Ranar 30 ga Oktoba aka sa hannu kan tsagaita wuta a Mudros.

Yadda ake aunawa

Ga dabarar: ɗauki dalili guda, ka cire shi a zuciyarka, sannan ka tambaya, da babu shi, da abin ya faru?

Mu gwada da tawayen Sharif Husaini na Makka, wanda ya fara a Yunin 1916. Da ganin farko za a ce na cikin gida ne, tunda Sharif hakimin daular ne, kuma ya daɗe yana tsoron shugabannin Istanbul za su tuɓe shi. To amma zinariyar da ake raba wa shugabannin ƙabilu daga ina take? Daga Ingila. Bindigogi da jiragen ruwan da suka taimaka aka kama Jidda ma nata ne. Madina kuwa, duk da an kewaye ta, kwamandan Turkawa Fakhri Pasha bai bar ta ba sai Janairun 1919, bayan yaƙi ya ƙare. Larabawa masu yawa ma a rundunar Sarkin Istanbul suka yi yaƙin. Ke nan idan aka cire hannun Ingila, da wuya tawayen ya wuce Hijaz. Ƙorafin na gida ne, ƙarfin na waje ne.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su nace sai kowane dalili ya shiga kwando ɗaya, ko na cikin gida ko na waje. Dubi yunwar da ta kashe ɗimbin jama'a a Lebanon. Fari suka cinye gonaki a 1915, jiragen abokan gaba suka rufe gaɓar teku, sojojin daular kuma suka kwashe hatsi da dabbobi. Wane kwando za ka sa ta?

A ganina amsar ta rabu biyu. Ƙasashen Larabawa da ƙarfin soja aka ƙwace su, Ingila da Faransa ma sun tsara rabon tun 1916. Gadon sarauta kuwa Turkawa ne suka kawar da shi da hannunsu. Gwamnatin Sarki Mehmed na Shida ta amince da yarjejeniyar Sevres ta 1920 mai yayyanka ƙasar Turkiyya kanta, sai mutuncinsa ya zube. Mustafa Kemal, wani janar na Turkawa, ya ƙi yarjejeniyar, ya yi yaƙi ya ci nasara. Majalisar da ya kafa a Ankara ta soke sarauta ranar 1 ga Nuwamba 1922, ta soke halifanci ranar 3 ga Maris 1924.

Aikin aji

Ku zauna uku-uku. Ku cire bashin 1875 a zuciyarku, ku tattauna ko sakamakon yaƙin zai canza. Sannan kowa ya rubuta jimla biyu a littafinsa kan wannan tambaya: da Sarki ya ƙi amincewa da yarjejeniyar Sevres, wace hujja majalisar Ankara za ta kafa wajen tuɓe shi?