Yadda Za Ki Gane Wanda Ya Fi Araha Tsakanin Gawayi, Curarren Gawayi da Itace

Mai itace ɗauri yake sayarwa, mai gawayi kuma leda ko kwano, shi kuwa curarren gawayi, wanda ake yi da garin gawayi ko ƙonannen buntun shinkafa a haɗa da sitaci, galibi a kilo yake zuwa. Shi ya sa gardamar wanne ya fi sauƙi ba ta ƙarewa a gidajen Kano: kowa da ma'auninsa. Abin da zai raba gardama shi ne kuɗin da tukunya ɗaya ta ci, kuma kwana uku sun isa ki gano.

Da farko ki samo sikeli, ko da aron na mai shago ne, ki auna abin da kika sayo, ki raba kuɗin da nauyin don ki san farashin kilo. Idan buhun gawayi kika saya, ki tankaɗe garin da ke gindinsa kafin awo, domin kin biya kuɗinsa amma ba zai dafa miki komai ba.

Sai ki zaɓi girki ɗaya da za ki maimaita, a ce garau-garau na rabin kwanon shinkafa. Wake ne ya sa na zaɓe shi, don yana daɗewa a wuta. Tukunya ɗaya, ruwa daidai, wake daga buhu ɗaya, murfi a rufe, kuma a lungu ɗaya na tsakar gida, saboda iskar hunturu kaɗai tana iya ɓata lissafin. Kowace rana makamashi ɗaya za ki gwada: ki auna shi kafin ki hura, ki duba agogo lokacin da ruwa ya tafasa, sannan ki auna abin da ya rage. Kada ki kashe wutar da ruwa, zai ƙara wa ragowar nauyi. Ki kifa tsohuwar tukunya a kan garwashin, itacen kuma ki tura bakinsa cikin yashi.

Ga misali, ki musanya lambobin da na unguwarku. A ce ɗaurin itace na naira 1,000 ya yi kilo 8, kilo ya kama 125 ke nan. Girkin ya ci kilo 3, ya tashi 375. Gawayi kilo ɗaya naira 500, ya ci giram 800, ya tashi 400. Curarre kilo ɗaya naira 400, ya ci kilo ɗaya da giram 200, ya tashi 480. Kin ga gawayin da ya ninka itace sau huɗu a farashin kilo, a tukunya naira 25 kacal ta raba su. Dalili kuwa, kilo ɗaya na gawayi yana ɗauke da zafi kusan ninki biyu na busasshen itace, sannan murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa ta gefe, ba kamar kurfoti ba da ke tara garwashi a gindin tukunya. Ki ƙara kuɗin kananzir ɗin hurawa, musamman ga curarre, wanda yake da taurin kamawa.

A wajen zafi kowa da halinsa. Itace ya fi saurin tafasa ruwa, shi ya sa masu girkin biki ba sa rabuwa da shi. Curarre yana jan jiki da farko, amma in ya kama wutarsa ba ta hawa da sauka, ya dace da wake ko ganda. In shayi kawai za ki dafa, asara ce. Ki lura da tokarsa: in ta yi tuli har ta toshe ramukan kurfoti, mai yiwuwa an cika masa ƙasa, nauyin banza kika saya.

Hayaƙi ba ya bukatar sikeli. Ki wanke gindin tukunya tas kafin kowane girki, ki duba baƙin da ya yi bayan an sauke. Itacen da ke tsuwa yana fitar da kumfa a ɗaya bakin ɗanye ne ko jiƙaƙƙe, kuma da damina shi ne zai rusa miki waccan arahar. Gawayin da ke hayaƙi bai gama ƙonewa a rami ba. Mai kyau in kin karya shi cikinsa baƙi ne wul mai sheƙi.

Rashin hayaƙin gawayi da curarre shi ne yaudararsu. Dukkansu suna fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kisa. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya lokacin girki alamarta ce, sai a fita waje nan take. Komai sanyin da ake yi a Kano, kada a shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa.