Darasi: Kafin ka taɓa Reply all, duba su wa ke cikin saƙon

A saman kowane imel akwai gurabe uku na rubuta adireshi. Gurbin To na wanda aka nufa da saƙon ne. Cc na wanda ake so ya san abin da ake ciki. Duk sunan da ke waɗannan biyun, kowa na ganinsa. Bcc kuwa a ɓoye yake: wanda aka sa a nan zai samu saƙon, amma sauran ba za su ga sunansa ba.

Ga misali. Sakataren ƙungiyar manoma ya rubuta wa dillalin taki ƙorafi a kan jinkirin kaya. Dillali yana To, ma'aji yana Cc, shugaban ƙungiya yana Bcc domin ya gani ba da sanin dillali ba. Idan dillali ya taɓa Reply, sakatare kaɗai zai samu amsa. Idan Reply all ya taɓa, amsar za ta je wa sakatare da ma'aji, ban da shugaba, domin adireshinsa bai zo cikin kwafin dillali ba.

Inda ake yin ɓarna shi ne wajen shugaba. Shi yana ganin sunan dillali da na ma'aji a nasa kwafin. Da zarar ya taɓa Reply all ya rubuta "Kada mu ƙara sayen kaya wurin mutumin nan", maganar ta faɗa hannun dillali, ya kuma gane an yi masa ɗan leƙen asiri. Shi ya sa tura wa shugaba kwafi daban da Forward ya fi Bcc aminci.

To yaya za ka san matsayinka? A Gmail, taɓa 'yar kibiyar da ke ƙarƙashin sunan mai aikowa, jerin sunaye zai buɗe. Idan saƙo ya zo maka amma babu kai a To ko Cc, ko dai Bcc aka yi maka, ko kuma kana cikin wani adireshin rukuni. A kula da irin wannan adireshin, layi ɗaya ne a ido amma yana iya ɗauke da ma'aikata gaba ɗaya. Cikakken jerin Bcc kuwa, mai aikawa ne ke ganinsa idan ya buɗe saƙon a Sent.

Jerin nan waɗanda aka aika wa yake nunawa, ba waɗanda suka karanta ba. Idan adireshi ba daidai ba ne, Gmail kan dawo da sanarwa daga Mail Delivery Subsystem. Idan kuma ka aika bisa kuskure, Undo zai bayyana na daƙiƙa 5, ana iya ƙara shi zuwa 30 a kwamfuta.

Aiki: ku haɗu mutum huɗu. Ɗaya ya aika saƙo, ya sa sauran a To, Cc da Bcc. Kowa ya buɗe kibiyar, ya karanta wa aji sunayen da ya gani.